Burodi nawa ya kamata ƙaramin gidan burodi ya sayar a rana kafin ya mayar da kuɗinsa?

Sabon_Mai_Burodi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na buɗe ƙaramin gidan burodi a wata unguwa da ke bayan gari a Kano, da obin na bulo wanda ake hura wa itace, kuma ina kwaɓa buhu biyu na fulawa a kowace rana. Kafin in fara na zauna na yi lissafi kamar haka: buhun fulawa mai kilo 50 ina sayensa ₦60,000, biyu sun kama ₦120,000, itace na cin kimanin ₦10,000 a rana, albashin ma'aikata biyar idan aka rarraba shi yana kama ₦10,000 a rana, hayar wurin kuwa ₦900,000 ce a shekara, wadda na raba gida 360 ta ba ni ₦2,500. Jimilla ₦142,500. Burodin ana sayar da shi ₦700, saboda haka na ga cewa da zarar na sayar da guda 204 na mayar da kuɗina, alhali buhu biyun suna ba ni kusan guda 340. A takarda ina da rarar fiye da burodi ɗari a kullum. Amma a zahiri, makon jiya sai da na ranci kuɗi kafin na cika kuɗin fulawa. Ina roƙon waɗanda suka san sana'ar su nuna mini inda lissafin ya karkace, su kuma faɗa mini adadin da ya wajaba in sayar a rana.

Akanta_Zariya

Wa alaikumus salam. Malam, kafin kowa ya ba ka adadi, akwai tambayoyi uku da amsarsu za ta sauya lissafin gaba ɗaya. Shin ₦700 ɗin shi ne abin da ke shiga hannunka, ko kuwa shi ne abin da mai shago yake karɓa daga hannun mai saye? Sannan ban ga sukari da yis da bota da gishiri da leda a cikin abin da ka jera ba, kuma burodi ba ya yiwuwa sai da su. Na uku, kwana nawa kuke hura wuta a shekara? Mai gidan haya yana karɓar kuɗin kwana 365, amma burodin ranakun aiki kaɗai ne zai biya shi.

Sabon_Mai_Burodi

Na gode, Malam Akanta. Gaskiya ₦700 farashin shago ne, ni ina ba masu shago da masu shayi a ₦600, kuma abin da nake sayarwa a bakin ƙofa bai taka kara ya karya ba. Sauran kayan haɗin ban sa su ba domin ina ganin ƙanana ne, amma yanzu na duba littafi: a kowane buhu muna zuba sukari kilo 6 na ₦9,000, bota ta ₦4,500, yis da gishiri da sinadarin gyaran kwaɓi ₦3,500, leda ₦2,500, sai man janareta da ruwa kimanin ₦2,500. Ba ma aiki ranar Juma'a, ga hutun salla da ranakun gyaran inji. Akwai kuma mai keke da ke rarraba mini, ina ba shi ₦5,000 a rana.

Akanta_Zariya

To, yanzu magana ta fito. Abin da ka kira ƙanana sun tashi ₦22,000 a kan kowane buhu, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin fulawar kanta. Ke nan buhu ɗaya ba ₦60,000 yake cinye maka ba, ₦82,000 ne kafin ya zama burodi a cikin leda.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka raba kuɗin da kake kashewa gida biyu. Akwai wanda yake bin yawan kwaɓi, idan ka ƙara buhu ya ƙaru, idan ka rage ya ragu, shi ne wannan ₦82,000. Akwai kuma wanda yake jiranka kowace safiya ko ka kwaɓa buhu ɗaya ko biyar: haya, albashi, itace da mai keke. Idan muka ɗauka kuna aiki kwana 300 a shekara, hayar ta koma ₦3,000 a rana, kuma kashi na biyun ya tashi ₦28,000.

Idan buhu yana ba ka burodi 170, kowane ɗaya ya tsaya maka a kan ₦482, ka sayar ₦600, saura ₦118. Wannan ₦118 ba riba ba ce tukuna, gudummawar da kowane burodi yake bayarwa ce wajen biyan wancan ₦28,000. Idan ka raba ₦28,000 da ₦118 za ka sami 238. Sai ka wuce burodi na 238 sannan abin da ya biyo baya ya zama naka.

Tsohon_Magashi

Hanyar Malam Akanta daidai take, amma akwai lamba ɗaya a ciki da ban yarda da ita ba, ita ce 170. Na shekara fiye da ashirin a bakin obin, kuma abin da sikeli ya yanka daban ne da abin da ya shiga leda. Buhu mai kilo 50, idan aka zuba masa ruwa kimanin lita 27 tare da sukari da bota da sauran kaya, yana ba da kwaɓi kusan kilo 85. Idan ana yanka giram 500, to lallai curi 170 za a samu, wannan gaskiya ne. Amma daga nan sai a fara cirewa. Gwangwanayen da suka zauna kusa da bango ko wajen da garwashi ya daɗe sukan ƙone a gashin farko, wani yakan lotse wajen fitarwa daga gwangwani idan ba a shafa mai sosai ba, sannan ma'aikata za su ci, kuma ba wanda zai hana mutumin da ya kwana a gaban wuta burodin karin kumallo. A ƙaramin gida, idan ka sami 165 masu sayuwa a buhu, ka gode wa Allah.

Ɗana, ina ba ka shawara ka tsaya da kanka kwana uku a jere ka ƙirga curi a kan tebur, ka sake ƙirga abin da aka ɗaure a leda. Idan curin da kansa bai kai 170 ba, to ko dai mai yanka yana sakin hannu, ko kwaɓin ya yi tauri saboda ƙarancin ruwa, ko kuma fulawa tana fita ta wata hanya. Giram 20 kacal da mai yanka zai riƙa ƙarawa a kowane curi ya isa ya cinye maka burodi shida ko bakwai a buhu ba tare da kowa ya yi niyyar cutar ka ba.

Akanta_Zariya

Na karɓi gyaran Baba. Da 165, kowane burodi ya koma ₦497, gudummawarsa ta sauko zuwa ₦103, adadin kuma ya hau zuwa 272. Ku lura da yadda burodi biyar a buhu suka ƙara wa maigidan nauyin sayar da 34 a rana.

Maman_Ilham_Kaduna

Ni dai abin da na gani a wurina ya sha bamban. Ina yin burodi da kek a gida da obin na gas, kuma idan na sayar da guda 40 a rana ina samun abin da zan ajiye, domin ina sayar wa maƙwabta da ma'aikatan ofis kai tsaye a farashi mai kyau. Ina ganin da Malam zai bar itace ya koma gas, ya kuma ƙara madara da ƙwai ya ɗaga farashi, da ba sai ya wahala da ɗaruruwan burodi ba.

Dillalin_Fulawa

Hajiya, Allah ya ƙara albarka, amma sana'arki da tasa ba ɗaya ba ce. Ke ba ki biyan haya, ba ki da ma'aikata biyar, kuma mai saye yana zuwa ƙofarki. Shi kuwa yana da ₦28,000 da ke jiransa kullum, kasuwarsa kuma masu shayi ne da shagunan unguwa, waɗanda ba za su karɓi burodin madara mai tsada ba.

Abin da nake so in ƙara shi ne batun farashin fulawa, tunda ita nake sayarwa. Duk ₦1,000 da aka ƙara a buhu tana ƙara kimanin ₦6 a kan kowane burodi, abin da mutum zai raina. Amma a gwada da lissafin da ke sama. Idan buhu ya tashi daga ₦60,000 zuwa ₦65,000, burodi ya tsaya a ₦527, gudummawarsa ta koma ₦73, adadin da ake nema kuma ya zama 384. Buhu biyu ba sa ba da fiye da 330. Ma'ana, da ƙarin ₦5,000 kaɗai, gidan da ke kwaɓa buhu biyu ba zai mayar da kuɗinsa ba ko da ya sayar da komai har na ƙarshe. Mafi yawan alkamar da kamfanoni ke niƙawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, shi ya sa farashin fulawa yake bin canjin dala, kuma duk wanda yake cikin harkar ya ga abin da ya faru bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023. Saboda haka duk adadin da aka ba ka a nan na farashin yau ne, ranar da buhu ya motsa sai ka sake zama da biro.

Mai_Shayin_Bakin_Tasha

Ku yi haƙuri in sa baki a matsayina na wanda ake kawo wa burodin. Duk lissafin nan ana yin sa ne kamar duk abin da aka gasa an sayar, alhali mu mun san ba haka ba ne. Gidajen burodi uku ne suke kawo mini, kuma sharaɗina da kowannensu shi ne abin da ya kwana biyu bai tafi ba za a canza mini shi da sabo. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ba zan karɓi kayansa ba, domin na gaba da shi zai yarda. A tambayi Malam nawa ne yake dawo masa a kullum, kuma me yake yi da shi. Sannan mu ba ma biya nan take, sai an sayar, wani lokaci na jiya ake biya yau, wani lokaci kuma ya haura haka.

Sabon_Mai_Burodi

Wannan tambaya ta taɓa inda yake mini ciwo. A yawancin ranaku kimanin 300 ne suke tafiya a ₦600, wajen 30 kuma su dawo kwantai. Waɗanda suka dawo muna karyar da su ₦300 ga masu saye a bakin ƙofa, wanda ya fara fumfuna kuma sai masu kiwo su kwashe a kan abin da bai kai a ambata ba. Amma idan adadin 272 ne, ni kuma ina sayar da 300, ai kamata ya yi a ce ina cin riba. Me ya sa ban gan ta ba?

Akanta_Zariya

Dalilin shi ne 272 amsa ce ga mutumin da ya gasa 272 ya sayar da 272. Kai kuwa kana gasa 330 kowace rana, kuma da zarar an zuba ruwa a kan buhu biyu, ₦164,000 ta riga ta tafi, ko an saya ko ba a saya ba. Haɗa ta da ₦28,000, ka ga kowace safiya kana tashi da nauyin ₦192,000. Raba wannan da ₦600, zai ba ka 320. Ke nan a tsarin da kake kai yanzu, amsar tambayarka ita ce 320 daga cikin 330, kuma kwantai goma kaɗai aka yafe maka.

Yanzu duba ranarka yadda take. Guda 300 a ₦600 sun kawo ₦180,000, kwantai 30 a ₦300 sun kawo ₦9,000 idan duk sun tafi, jimilla ₦189,000. Kana faɗuwa da ₦3,000 a kowace ranar aiki, wato kusan ₦75,000 a wata, tun kafin ka ɗauki ko sisi domin cefanen gidanka. Abin da ya ɓoye maka wannan shi ne haya, domin ka biya ta shekara guda tun farko, ba ka jin fitarta a kullum. Kuɗin da ya kamata ka riƙa warewa domin hayar baɗi shi ne yake toshe ramin, duk abin da ka ɗiba na gida kuma daga uwar kuɗi yake fita. Shi ya sa sai a wata na huɗu abin ya bayyana a wajen sayen fulawa.

Da za ka rage kwaɓin zuwa abin da kasuwarka take ɗauka, wato fulawa kimanin kilo 91 maimakon 100, kayan haɗi za su tsaya a wajen ₦149,000, jimilla ₦177,000, ka sayar da 300 a ₦180,000. Kilo tara na fulawa ne tsakanin faɗuwar ₦3,000 da ribar ₦3,000.

Mai_Shayin_Bakin_Tasha

Malam Akanta, a nan kam ban bi ka ba. Kwantai ba daga yawan gashi kaɗai yake zuwa ba. Idan Malam yana da wurare talatin da ake kai wa, kowanne ya dawo da ɗaya, ba zai san tun da safe wane ne zai dawo da shi ba. Idan ya rage wa kowa, wani wurin zai ƙare da wuri ya rasa cinikin da zai yi, wani kuma duk da haka zai dawo da saura. Mai saye kuma yakan ɗauki burodin da ya gani da yawa a kan tebur. Ina ganin zai gasa 300 ya sayar da 285, ya koma inda ya fito. Abin da zai taimake shi shi ne ya rubuta sunan kowane wuri da abin da ya karɓa da abin da ya dawo da shi na mako biyu. Zai tarar wurare huɗu ko biyar ne suke kawo rabin kwantan, su ne zai rage wa.

Akanta_Zariya

Wannan gyara ne mai kyau, kuma na yarda cewa kwantai ba zai taɓa zama sifiri ba. Abin da nake nufi shi ne kada ya ɗauka dole ne a kwaɓa buhu cikakke.

Tsohon_Magashi

Ina so in koma kan itace, domin an sa shi a cikin abin da ba ya motsi, kuma hakan rabin gaskiya ne. Obin na bulo ana cika shi da wuta ne har bulon ya ƙoshi da zafi, sannan a janye garwashi a share, a gasa da zafin da ginin ya riƙe. Mafi yawan itacen wannan hurawar farko ce take cinye shi, ko buhu ɗaya za a gasa ko uku. Zagaye na biyu da na uku ɗan ƙari kawai suke buƙata domin a farfaɗo da zafin. Wannan ne ya sa buhu biyu yake da wuya a irin wannan obin, domin ka biya kuɗin zafin da zai gasa buhu huɗu ka yi amfani da rabinsa.

Akwai kuma abu biyu da ke motsa kuɗin itace ba tare da an ƙara burodi ko ɗaya ba. Obin da ake hurawa kullum yana kwana da ɗumi, amma wanda ya huta ranar Juma'a ya huce, ranar Asabar zai ci fiye da na sauran ranaku. Sai damina, lokacin da itace yake zuwa a jiƙe, yana hayaƙi ba ya ba da zafi, farashinsa kuma ya hau saboda hanyoyin daji sun lalace. Wanda yake da fili da ɗan jari yakan tara busasshe tun bazara ya rufe shi. Idan ₦10,000 ɗin da ka faɗa ta rani ce, ka sa ran za ta haura a watan Agusta.

A ganina mafitarka tana wajen buhu na uku. Ko da an ƙara ₦2,000 ta itace, nauyin ranar zai zama ₦276,000, wato burodi 460 daga cikin 495. Ka ga an yafe maka 35 maimakon goma, kuma idan duk suka tafi kana da ₦21,000 maimakon ₦6,000.

Dillalin_Fulawa

Baba, lissafin buhu uku yana da daɗi, amma mutumin da bai gama sayar da 330 ba ina zai kai 495? Na ga waɗanda suka ƙara kwaɓi kafin su ƙara kasuwa, suka karɓi fulawa bashi a wurinmu, ƙarshenta bashin ne ya rufe gidan. A fara samun shagunan, sannan a ƙara buhun. Kuma sabbin shaguna sukan fi nisa, mai keke ba zai tsaya a ₦5,000 ba.

Dan_Maradi

Gaisuwa daga Nijar. A wajenmu burodin da ya fi tafiya shi ne dogon nan irin na Faransa, wanda ba a sa masa sukari da bota, daga fulawa sai ruwa da gishiri da yis, ba ya kuma buƙatar gwangwani ko leda mai tambari. Saboda haka abin da ke bin kowane buhu bayan fulawa kaɗan ne idan aka kwatanta da ₦22,000 da na gani a nan. Amma namu ba ya kwana, wanda aka gasa da asuba idan ya kai yamma ya bushe, don haka kwantai ya fi yi mana ɓarna. Tambayata ita ce, me zai hana ɗan'uwa ya rage sukari, tunda shi ne mafi tsada bayan fulawa?

Tsohon_Magashi

Malam na Maraɗi, bakin mutanenmu ya saba da burodi mai zaƙi da laushi, kuma sukari da bota su ne suke sa shi ya kwana biyu bai bushe ba, su ne kuma suke ba ɓawon launi. Idan ya cire kilo ɗaya ya tsira da ₦1,500 a buhu, amma ya rasa kilo ɗaya na nauyin kwaɓi, wato curi biyu na ₦1,200. Abin da ya rage bai kai a ɓata ɗanɗano saboda shi ba.

Abban_Sadiq

Ni na taɓa riƙe wa yayana gidan burodi na shekara biyu, kuma abin da muka yi lokacin da kaya suka yi tsada shi ne rage nauyin curi. Daga giram 500 zuwa 480, kwaɓi kilo 85 zai ba da 177 maimakon 170. Ƙarin bakwai ke nan a buhu, ₦4,200, a buhu biyu ₦8,400 a rana, kuma wannan kaɗai ya shafe faɗuwar da ake magana. Idan aka bar shi ya tashi sosai a gwangwani, ba mai lura.

Malam_Na_Tudun_Wada

Ɗan'uwa Abban Sadiq, kalmar "ba mai lura" ita ce ta dame ni. Idan an rubuta nauyi a jikin leda, ko an yi wa masu sari alkawarin wani girma, to ragewa a ɓoye tauye ma'auni ne, kuma mun san abin da Alƙur'ani ya faɗa a kan masu tauye mudu. Idan kuwa zai fito da sabon girma ya sanar da masu karɓa, wannan ciniki ne, babu laifi. Ina kuma jan hankali a kan neman kumburi ta kowace hanya, domin daga nan ne wasu suke faɗawa amfani da sinadarin buromet, wanda hukumar NAFDAC ta haramta sa shi a burodi saboda illarsa ga lafiya.

Mai_Shayin_Bakin_Tasha

Kuma ana lura. Mu da muke yanka burodi da wuƙa kullum mun san wanda ya cika da wanda iska ce a cikinsa, domin na biyun yana marmashewa, idan aka tsoma shi a shayi kuma sai ya narke. Ƙarin bakwai ɗin ma sai an sami mai saye, alhali matsalar Malam ita ce talatin suna dawowa.

Akanta_Zariya

Akwai batun albashi da ba a taɓa ba. Ma'aikata biyar a kan ₦10,000 a rana na kwana 25, wato ₦250,000 a wata, kowanne ya tashi da ₦50,000 a matsakaici, ƙasa da mafi ƙarancin albashi na ₦70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ko da yake dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ina faɗar haka ne domin kada a nemi mafita ta hanyar rage musu. Abin da wasu gidaje suke yi shi ne biyan ladan aiki a kan kowane buhu. Misali idan aka yi ₦4,000 a buhu, ranar buhu biyu ka biya ₦8,000, ranar buhu uku ₦12,000, a buhu biyu da rabi ne tsarin biyu suke haɗuwa. Wannan yana sauƙaƙa wa maigida a lokacin da kasuwa ta ja baya, amma nauyin ya koma kan ma'aikaci.

Tsohon_Magashi

Na yi aiki a ƙarƙashin tsarin biyu. Biyan buhu yana sa a yi sauri, saurin kuma yana sa a fitar da kwaɓi daga inji kafin ya murzu, a kuma tura gwangwani wuta kafin ya gama tashi. Magashi mai kyau kuma ba ya zama a gidan buhu biyu idan da buhu ake biya, zai tafi inda ake kwaɓa goma. Abin da na fi gani a lissafin ɗana shi ne mutum biyar sun yi wa buhu biyu yawa, huɗu za su iya, biyar ɗin kuma za su iya ɗaukar buhu huɗu ba tare da an ƙara kowa ba. Amma ban ce ka sallami kowa ba, wataƙila ɗaya daga cikinsu ya fi amfani a waje, yana zagaya shaguna yana nemo sababbi yana karɓo kuɗi.

Maman_Ilham_Kaduna

Na fahimci bambancin da aka nuna mini, na gode. Amma har yanzu ina ganin akwai abin ɗauka a maganata. Kowane burodin da Malam ya sayar da kansa a ₦700 yana bar masa ₦203 maimakon ₦103, kusan ninki biyu. Idan ya sa tebur a bakin ƙofa lokacin da burodi yake fitowa da zafi ya sayar da 40 a haka, ƙarin ₦4,000 ne a rana, kuma kuɗi ne a hannu, ba bashi ba kwantai.

Dillalin_Fulawa

Wannan kam gaskiya ce, Hajiya, muddin bai karya farashin shagunan da ke kusa da shi ba, domin idan ya sayar ƙasa da ₦700 a ƙofa za su daina karɓar kayansa.

Sabon_Mai_Burodi

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da yau na tsaya a kan tebur kamar yadda Baba ya ce. Jiya curi 334 muka samu a buhu biyu, yau 337, waɗanda suka shiga leda kuma 326 da 329, saboda haka ko 165 ɗin ban cika kai wa ba. Na auna curi goma na tarar yawancinsu suna tsakanin giram 505 da 515, kuma sikelin namu na allura ne, zan sayi na lantarki. Na fara rubuta abin da kowane shago yake dawowa da shi, na kuma gano ina bin masu shago da masu shayi bashin da ya kusa kuɗin buhu biyu, wanda ban taɓa haɗa jimillarsa ba sai yanzu.

Abin da ban yanke ba shi ne ko in sauko zuwa kilo 91 ko in nemi kasuwar buhu uku. Sannan duk wata huɗun nan a cikin sanyi na yi su, lokacin da masu shayi suke ciniki sosai. Waɗanda suka daɗe a sana'ar, yaya 300 ɗin nan take zama idan zafi ya shigo, ko a watan azumi?

Mai_Shayin_Bakin_Tasha

A teburina dai, idan zafi ya tsananta ina rage abin da nake karɓa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma burodi yana saurin yin fumfuna a leda, musamman wanda aka ɗaure bai gama hucewa ba. Da azumi cinikin safe yana mutuwa gaba ɗaya, sai na bayan sallar tarawihi da na sahur, don haka wanda ya kawo mini da hantsi ya kawo a banza, da la'asar nake so. Wasu shagunan cikin unguwa kuma sun ce mini nasu yana ƙaruwa a watan, saboda masu sayen na sahur a gida. Ka tambayi naka ɗaya bayan ɗaya tun kafin watan ya kama.